Shagona na tafiya, lokacin buɗe na biyu ya yi?

Tambaya: Salam Alhaji, barka da kasuwa. Ina da shagon kayan masarufi a nan Kano shekara 4 kenan, Alhamdulillah ciniki na kaiwa 280,000 a rana, kayan da ke ciki za su kai na miliyan 5. Ina da miliyan 3 a hannu, kuma na samu shago a wata unguwa 600,000 a shekara, ƙanina ne zai zauna min. Ta yaya zan gane lokaci ya yi, kuma me ya kamata in ji wa tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara buɗi Ya sa albarka. Na ji daɗi da ka kawo lambobi, don yawanci mutum zai zo ne kawai ya ce ai shagon cika yake da mutane, alhali cikar shago da mutane ba ta nuna komai sai cewa ana shigowa. Ni ma wannan harkar nake, na buɗe na biyu na sha wuya a kai, don haka abin da zan faɗa maka abu ne da na gani da idona.

Farko dai miliyan ukun nan, dan Allah zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah, naka ne? Ban ce ka saci na kowa ba, abin da nake nufi shi ne mu masu shagon unguwa kuɗin mutane da yawa na kwana a hannunmu har mu saba da su mu ɗauka namu ne. Akwai dilan da ke ba ka kaya a kasuwar Singer sai ka sayar ka kawo masa, akwai mai burodi da mai ruwan leda da mai lemo da suke saukewa sai bayan kwana biyu su zo karɓa, akwai tsohuwar maƙociya da ta ba ka ajiyar kuɗin auren jikarta, akwai adashen da ka riga ka kwasa amma saura zubi biyar a kanka. Duk ka cire su. In ka cire ka ga abin da ya rage miliyan 1 da rabi ne, toh da miliyan 1 da rabi za mu yi magana. Sannan ka duba littafin bashi, wanda ya wuce wata uku ba a biya ba kar ka lissafa shi cikin dukiyarka sai ranar da ya shigo hannu.

Sai maganar riba, wadda a nan ne gizo ke saƙar. Ba ka faɗa min ribarka ba, kuma ina kyautata zaton ba ka taɓa zama ka fitar da ita a takarda ba, ba laifinka ba ne haka muka taso muka ga ana yi. Bari mu yi misali da cinikinka, kai kuma ka sa naka lambobin na gaskiya a gurbin nawa. 280,000 sau 30 ya ba mu miliyan 8 da 400,000 a wata. Kayan masarufi ribarsu siririya ce, buhun shinkafa ko suga ko jarkar mai abin da ke kai kaɗan ne, ƙananan kaya irin su alawa da sabulu da magi da kayan firiza su ne ke ɗan ɗaga ta. Mu ɗauka in an haɗa an gauraya kana cin naira 8 a kowace 100 da ta shigo, kaga 672,000 kenan a wata. Yanzu cire haya in ka raba ta wata-wata, mu ce 50,000, albashin yara biyu 80,000, abincinsu 60,000, wuta da fetur 70,000, mota da ƴan dako daga kasuwa 60,000, haraji da kuɗin shara da na gadi 20,000, sai kayan da suka lalace ko ɓera ya ci ko kwanansu ya ƙare 30,000. Sun tashi 370,000. Saura 302,000.

Ba mu gama ba, don kai ma aiki kake a shagon kuma gidanka daga nan yake ci. Cefanen safe da kake zara daga durowa, kuɗin makarantar yara, taliya da madara da kake ɗauka ka tafi da su gida da daddare ba a rubuta ba, gudummawar biki da suna, duk mu ce 220,000 a wata. Abin da shagon ya tara wa kansa 82,000 ne a wata, wato bai cika miliyan 1 a shekara ba. Wannan ita ce lambar da za ka kalla. Alama ta farko ta cewa shago ya isa ya haifi wani ita ce ya biya kansa, ya biya ka, kuma ya bar rara a kowane wata har tsawon shekara ɗaya cif ko fiye, ba watan azumi da sallah kawai ba, har da damina lokacin da aljihun mutane ya bushe kowa na cewa a rubuta min. Kuma rarar ta kasance kuɗi ce da ka iya cirewa ka ajiye gefe shagon bai rame ba.

Wannan maganar ramewa tana da muhimmanci a shekarun nan. Tunda kaya suka dinga tashi, musamman daga 2023, mutane da yawa sun ga kuɗinsu na ƙaruwa alhali shagonsu na ƙanƙancewa. Ka saro kwali a 10,000 ka sayar 11,000 kana murna ka ci 1,000, ka koma kasuwa ka tarar ya zama 11,500, ashe ciko ma za ka yi kafin ka mayar da kwalin inda yake. Don haka ka ƙirga da kwali da buhu, kar ka ƙirga da naira kaɗai. In kana lissafin zakka duk shekara, wanda dama wajibi ne ka ƙirga kayan sayarwa ka fitar da ɗaya cikin arba'in in sun kai nisabi, toh ɗauko takardar bara da ta bana ka ajiye su kusa da juna. Bara buhun shinkafa nawa ne a sito, bana nawa? Kwalin taliya nawa, jarkar mai nawa? In naira ta ƙaru amma buhuna sun ragu, miliyan ukun nan wani ɓangarensu uwar kuɗin tsohon shagon ce ka zare ba ka sani ba.

Alama ta biyu, kuma a gurina ta fi ta farkon nauyi, shin shagon na iya tafiya ba ka nan? Saboda ranar da ka buɗe na biyu ka rabu gida biyu kenan, ko kana can ko kana nan, taura biyu kuwa ba ta taunuwa lokaci guda. Gwajin ba shi da tsada. Ka rufe shago wani dare ku ƙirga komai kai da yaranka, kwali-kwali ɗaya-ɗaya, a farashin sari, a rubuta. Sai ka ɗauke ƙafa sati biyu, kar ka zauna a shagon ko na awa ɗaya, su je kasuwa su saro da kansu su ajiye risit. Bayan sati biyu a sake ƙirgawa. Lissafin shi ne kayan farko a haɗa da abin da aka saro, a cire abin da ya rage, abin da ya fito shi ne kayan da suka bar shagon. Misali kun fara da miliyan 5, an saro na miliyan 3 da 600,000, an tarar da na miliyan 5 a ƙarshe, kenan kayan miliyan 3 da 600,000 sun fita, kuma da ribar naira 8 ɗin nan ya kamata a ga kusan miliyan 3 da 900,000 in an haɗa tsabar kuɗi da taransfa da bashin da aka rubuta da abin da aka kashe. In ka ga miliyan 3 da 750,000 to akwai ramin 150,000 a sati biyu, 300,000 a wata, ka tuna duk abin da ke saura maka kafin cefane 302,000 ne. Ramin ya cinye shi tas.

Kuma kar ka yi saurin cewa yaro ɓarawo ne, sau da yawa ba sata ba ce. Bai san kaya sun tashi ba ya sayar a tsohon farashi, ya ba da bashi kunya ta hana shi rubutawa saboda mutumin abokinka ne, an nuna masa alat na bogi a waya ya miƙa kaya bai duba ko kuɗin sun shigo ba, an sauke kwali 18 ya sa hannu a kan 20. Duk waɗannan abubuwa ne da kai kake tarewa da ido kullum ba tare da ka san kana yi ba, don farashin duk kayan a kanka yake, ka san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ka san dilan da ke rage awo. Abin da ke kanka bai sauka a takarda ba shi ne zai hana reshe tsayuwa. Sai ka ga farashi na rubuce, bashi na da iyaka da sunayen waɗanda aka yarda a ba, ana rufe lissafi kowane dare, kuma ka yi wannan gwajin sau biyu ko uku ramin ya zama ɗan abin da ba a rasa ba, sannan za a ce shagon ya iya tsayuwa da ƙafarsa.

Yanzu mu je sabon shagon mu gani me miliyan 3 za ta yi, mu ma ɗauka duk taka ce. Haya 600,000, wannan in mai shagon bai ce sai ta shekara biyu ba. La'adar dillali mu ce 60,000. Kanta da fenti da gyaran ƙofa da wayar wuta 450,000, kuma kafinta da mai walda ba su taɓa tsayawa inda suka faɗa da farko. Firiza da janareto ko ƴar sola 500,000. Kafin ka sa ko ƙwayar ashana a kanta miliyan 1 da 610,000 ta tafi, saura miliyan 1 da 390,000 na kaya. Kai da ka saba ganin shago mai kayan miliyan 5, ka san yadda wannan zai yi a ido, layi ɗaya a gaba bayansa fayau. Kwastoma ya shigo ya tambayi abu uku ka ce biyu babu, gobe ba zai dawo ba, kuma a sabuwar unguwa ba ka da tsohon mutunci da zai sa ya yi maka haƙuri, yana da mai shagonsa da ya saba da shi yana ba shi bashi tun kafin ka zo.

Kuɗin tafiyar da shi fa? Haya 50,000 a wata, ƙaninka 60,000, yaro ɗaya 40,000, abinci 50,000, wuta da fetur 60,000, dako 30,000, haraji da gadi 20,000, lalacewa 20,000, jimla 330,000. Da ribar naira 8 a 100, sai shagon ya yi cinikin miliyan 4 da 125,000 a wata, wato 137,500 kullum, kafin ya biya kansa kawai, ko sisi ba ka ci ba. Ka lura da wani abu, da kayan miliyan 1 da 390,000 wannan na nufin a sayar da duk abin da ke shagon a sake cikawa duk kwana 10, alhali tsohon shagonka mai shekara 4 da kwastomomi yana ɗaukar wajen kwana 18 kafin ya juya nasa. Kana neman jariri ya fi babansa gudu. In kuma ya fara da 60,000 a rana, wanda ba abin mamaki ba ne ga sabon wuri, ribar wata 144,000 ce, giɓin 186,000 kenan duk wata, wata shida ya zama miliyan 1 da 116,000. Kusan duk jarin kayan ya narke a albashi da fetur, kuma rarar 82,000 ta tsohon shago ba za ta toshe ko rabin giɓin ba.

Abin da ke biyo baya na san shi don ni ya faru da ni. Na buɗe nawa na biyu ƙarshen 2022 da lissafi irin naka, sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, tsabar kuɗi ta ɓace, taransfa na maƙalewa, mutane na tsaye da kaya a hannu muna jiran alat. Muna fita daga wannan aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin janareto da na mota suka ninka. Duk yamma sai in tare adaidaita sahu a ƙofar tsohon shago in ce yara su loda kwali biyar na taliya, buhu biyu na suga, a kai can, ba rubutu ba komai, ai duk nawa ne. Ranar da na farka, wata hajiya ce da ta shekara tana sayen kayan wata a gurina ta zo da takardarta, cikin abu goma sha biyu na iya haɗa mata bakwai, ta tsaya tana kallon kantar sama inda jarkokin mai suke jeruwa a da, ta ce Alhaji lafiya kuwa shagon nan? Na kasa ba ta amsa. A satin kuma na kasa cika wa dilana kuɗinsa a ranar da muka yi, ya karɓi uzurina da mutunci amma daga nan ya koma sai in biya kafin a loda. Wannan shi ne babban haɗarin, ba faɗuwar sabon shagon ba, jan tsohon da yake yi su tafi tare, ga amanar kasuwa da ka shekara kana ginawa ta taɓu, wadda ita ce rabin jarin ɗan kasuwa.

Shi ya sa nake cewa kuɗin buɗe reshe kashi uku ne kuma sai ukun sun cika, na gyara da haya, na kaya da za su cika ido daga ranar farko, da na ciyar da shagon wata shida ko da bai kawo komai ba. A lissafinka na ɗaya miliyan 1 da 610,000, na biyu aƙalla miliyan 3, na uku kusan miliyan 2, kaga ana maganar miliyan 6 da rabi zuwa sama. Kar ka cike giɓin da bashi mai wa'adi, sabon shago bai san wa'adi ba, ranar biya na zuwa durowar tsohon za ka buɗe.

Maganar ƙaninka kuma, Allah Ya bar zumunci, amma ina roƙonka kar ka kai shi can kai tsaye. Ya taɓa zaman shago? In bai taɓa ba ya zo ya yi wata shida a gabanka, ya iya sari, ya iya ce wa mutum babu bashi cikin fara'a, shi za ka bar wa shagon a gwajin sati biyun da na faɗa. Sannan ku zauna gaban wani babba a gidanku a faɗi matsayinsa a rubuta, albashi ne ko kason riba, in kaso ne nawa kuma bayan an cire me, nawa zai iya ɗauka a rana, wa ke da ikon ba da bashi, yaushe ake ƙirga kaya. Kunya ce ke hana mu yin wannan, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Yaron waje in ya yi ɓarna ka sallame shi magana ta ƙare, ƙani kuwa magana sai ta kai gaban Hajiya, kai a ce ka wulaƙanta ɗan'uwanka shi a ce ya ci amana, a rasa kuɗin a rasa gaisuwa. Rubutun shi ma kariya ce gare shi, don ranar da aka samu giɓi ba za a ɗora masa abin da bai ci ba.

In ka kai ga buɗewa, kowane shago da asusunsa na banki da POS ɗinsa da littafinsa, alat na shigowa wayarka, kar kuɗin shago su shiga asusun kowa na kansa. Duk kwalin da ya tashi daga wannan zuwa wancan a rubuta shi kamar an sayar, wancan ya biya. Ka kuma yanke tun yau, kafin zuciya ta shiga, cewa in wata tara ya yi bai kai cinikin da zai biya kansa ba za ka kwashe kayanka kafin haya ta zagayo, don in ta zagayo za ka biya ne saboda kar a ce ka gaza.

Wurin ma ban ji ka ce komai a kansa ba sai kuɗin haya. Je ka zauna a bakin shagon kwana uku, da safe da bayan la'asar da bayan isha'i, ka ƙirga shaguna irin naka da ke layin, ka ga wanne gefen titi mutane ke bi in sun sauka daga mota, ka tambayi maƙota me na baya yake sayarwa kuma me ya tashe shi, ka tambaya ko ruwa na shiga da damina. Alama mai kyau ita ce ka riga kana da kwastomomi daga unguwar da ke tahowa har gurinka suna cewa da ma kana kusa, ko masu ƙananan tebura na can da ke saro a hannunka. In kuma ya yi kusa da tsohon sosai, kwastomominka za ka raba biyu ka biya haya biyu.

A yadda lambobinka suke, ni shawarata ka bar shagon nan ya wuce, wani zai fito. Miliyan ukun ka fara gwada ta a inda kake, ka kama ɗan sito kusa ka dinga sarin abin da ya fi tafiya da yawa don farashin ya sauko maka, ko ka ƙara firiza, ko ka fara ba ƙananan masu shago sari. In ribarka ta tashi daga naira 8 zuwa 9 kawai a kan cinikin da kake yi yanzu, ƙarin 84,000 ne a wata, ka ninka rararka ba ka biya haya ko albashin kowa ba. Ka yi ƙirgan farko a wannan satin, ka ɗauko ƙanin naka ya fara zama, bayan sati biyun ka turo min abin da ya kamata a gani da abin da aka gani, da adadin bashin da ke littafi wanda ya haura wata uku, sai mu sake duba lissafin tare in sha Allahu.